Ranar da farashi ya faɗi: abin da ke cinye jarin mutum daga cikin zuciyarsa

A ƙarshen shekarar 2007 kawuna ya karɓi kuɗin sallamarsa bayan shekara talatin da biyar yana koyarwa. Ina tuna shi zaune kan tabarma a zaure bayan la'asar, ga fom-fom na sayen hannun jarin bankuna har uku a gabansa, yana cikewa da jan biro. Abokin aikinsa na dā ya sayi irinsu shekara biyu kafin nan, kuɗinsa ya ninka, har ya kai iyalinsa Makka. Kawu ya zuba naira dubu ɗari takwas, kusan duk abin da ya samu. Da na tambaye shi ko ba zai rage wani abu a gefe ba, sai ya ce, "Ɗana, wannan abin ba ya faɗuwa. Kai dai duba jarida."

Jaridar kuwa ba ƙarya ta yi masa ba. Bayan da Babban Bankin Najeriya, a zamanin Charles Soludo, ya tilasta wa bankuna su kai jarinsu naira biliyan 25, adadinsu ya ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, kuma suka yi ta fitowa suna neman kuɗi a hannun jama'a. A 2007 kaɗai ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas, wanda ake kira All-Share Index, ya hau da sama da kashi 70 cikin ɗari. A ranar 5 ga Maris 2008 ya kai ƙololuwa, ya haura maki 66,000. Daga nan ya fara gangarowa. Kafin shekarar ta ƙare ya koma wajen 31,000, a farkon 2009 kuma yana kusa da 20,000.

Kawu ya sayar a wannan lokacin. Bikin 'yarsa ya matso, ba shi da wani kuɗin a ajiye, kuma kullum ya kunna rediyo sai ya ji an ce kasuwa ta sake faɗuwa. Abin da ya dawo hannunsa bai kai dubu ɗari biyu da hamsin ba. Har Allah ya yi masa rasuwa bai ƙara son a ambaci hannun jari a gabansa ba, kuma ni har yau abin yana yi mini ciwo, domin mutum ne mai tsantseni, wanda ko kuɗin cefane sai ya rubuta.

Na daɗe ina juya labarin nan a raina. Mutane kan ce kuskurensa shi ne sayarwa cikin firgici. Ni a ganina sayarwar ita ce ƙarshen igiya, bakin zaren yana can a zaure, ranar da yake cike fom.

Bin wanda ya riga ya ci

Idan abu ya yi shekara biyu ko uku yana hawa, zuciya takan ɗauka cewa hawa ɗabi'arsa ce. Amma hannun jari yanki ne na kamfani, kuma abin da mai shi zai samu nan gaba ya danganta da abu biyu: ribar da kamfanin zai yi, da kuɗin da ya biya ya shiga. A ce kamfani yana samar da ribar naira ɗaya kan kowane hannu a shekara. Wanda ya saya a naira biyar ya sayi ribar da za ta mayar masa da uwar kuɗinsa cikin shekara biyar. Idan jama'a suka yi ca a kai har farashi ya kai naira talatin, ribar kuwa tana nan a naira ɗaya, to mai shiga yanzu shekara talatin ya saya. Kamfanin bai canza ba. Hawan da ya ja hankalin mai sayen shi ne ainihin abin da ya rage masa rabo. Abokin Kawu ya shiga da wuri, ya ci moriyar hawan, Kawu kuwa ya biya kuɗin wannan hawan daga aljihunsa.

Ba sai an je Legas ba kafin a ga haka. Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dawanau ya ga yadda tsadar masara da gero da shinkafa a 2023 da 2024 ta sa waɗanda suka ajiye kaya suka ci riba mai yawa. Da kaka ta zagayo, ma'aikata da masu shago da ma waɗanda ba su taɓa ɗaura buhu ba suka shiga saye suna tarawa, wasu da kuɗin aro. A 2025 farashi ya karye, mutane da yawa suka fitar da kaya ƙasa da yadda suka saya, ga kuɗin sito da na maganin ƙwari sun hau kai. Ribar bara ita ta kira jama'a, yawan jama'ar kuma yana cikin abin da ya hana ribar bana.

Akwai alamar da nake amfani da ita, kuma ba ta buƙatar ilimin lissafi. Idan ka tambayi kanka dalilin da ya sa kake son sayen abu, kuma amsar da ta fara zuwa ita ce "wane ya samu" ko "ya hau sosai", to ba ka da dalili tukuna. Dalili shi ne ka iya faɗin abin da kamfanin yake sayarwa, nawa ya samu a shekarun baya, nawa ya raba wa masu hannun jari, da kuma ko farashin yau ya yi daidai da wannan. Wanda bai iya amsa waɗannan ba yana iya shiga ta hanyar asusun haɗaka da hukumar SEC ta yi wa rajista, inda ake rarraba kuɗin cikin kamfanoni da yawa. Ko a nan ɗin ma tarkon yana nan, domin asusun da ya fi kowa riba bara shi kowa ke rububi, alhali sau da yawa ribar ta zo ne daga wani ɓangare guda da ya yi tashe, wanda ba lalle ya sake yi ba.

"Ni na san kasuwa"

Lokacin da komai ke hawa, kowa gwani ne. Mutum ya sayi abu uku, duka suka hau, sai ya ɗauka idonsa ne ya iya zaɓe, ya manta cewa ko da rufe ido ya yi ya nuna, da ya ci riba. In kuwa ɗaya ya faɗi, sai ya ɗora wa gwamnati ko dillali. Da haka littafin da ke cikin kansa yake cika da nasarori kawai.

Wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Brad Barber da Terrance Odean, sun bi diddigin asusun gidaje sama da dubu sittin da shida a wani kamfanin dillanci daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayarwa sun tashi da ribar kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, alhali kasuwar gaba ɗaya ta ba da kashi 17.9. Yawancin giɓin kuɗin ciniki ne ya cinye shi. A wani binciken nasu kuma suka gano maza sun fi mata yawan juya jari da kashi 45 cikin ɗari, kuma hakan ya fi rage musu riba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Na ga mata da dama da suka sayi 'yan kunnen zinare ko tunkiya suka haƙura shekaru, yayin da mazansu ke tsalle daga wannan harka zuwa waccan.

A nan gida ma kowace shiga da fita tana da kamashon dillali da kuɗaɗen hukumomi da haraji. A ce duka-duka saye da sayarwa suna cin kashi uku cikin ɗari. Wanda ya juya jarinsa sau shida a shekara ya ba da kusan kashi goma sha takwas kafin ya ga ribar kwabo. Manhajojin waya sun sa cinikin ya zama danna ɗaya, amma ba su ɗauke wannan lissafin ba.

Mafi munin 'ya'yan wannan yarda da kai shi ne cin bashi don a ƙara jari. A 2007 bankuna da dillalai sun yi ta ba mutane rance su sayi hannun jari, hannun jarin kuma ya zama jingina. Duba yadda abin yake aiki. Kana da naira dubu ɗari biyar, ka ranto wata dubu ɗari biyar, ka sayi na miliyan ɗaya. Farashi ya sauka da kashi 30 cikin ɗari, kayanka suka koma dubu ɗari bakwai. Bashin bai ragu da ko sisi ba, saboda haka naka ya rage dubu ɗari biyu. Kasuwa ta faɗi da kashi 30, kai ka yi asarar kashi 60, ban da kuɗin ruwa. A nan ne mai bashi zai kira ka ya ce ka ƙaro kuɗi ko ya sayar. In ya sayar, ya ƙara danne farashin, wanda zai sa a kira na gaba. Haka rugujewar 2008 ta yi ta ciyar da kanta, kuma irin wannan bashin na cikin abin da ya raunana bankunan da kansu. A watan Agusta 2009 Sanusi Lamido Sanusi, a matsayin gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar tare da zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe.

Firgici, da abin da ya yi kama da shi

Daniel Kahneman da Amos Tversky, masana halayyar ɗan Adam, sun nuna tun daga 1979 cewa mutum ba ya auna riba da asara da mudu ɗaya. Zafin rasa naira dubu goma ya kai kusan ninki biyu na daɗin samun dubu goma. Shi ya sa wanda ke duba farashi kullum yake wahala. Ko a shekarar da kasuwa ta yi kyau, ranakun faɗuwa suna da yawa, kuma kowace ɗaya tana yi masa zafi fiye da yadda ranar hawa ke sanyaya masa rai. Ran da zafin ya kai maƙura sai ya sayar, ba don ya yi wani sabon lissafi ba, sai don ya samu barci.

Shekarar 2020 ta nuna tsadar wannan barcin. Da annobar korona ta rufe duniya, farashin mai ya karye, ma'aunin kasuwar Legas ya gangara ƙasa da maki 21,000 a farkon Afrilu. Waɗanda suka fita a lokacin sun ce za su dawo in abubuwa sun lafa. Amma kasuwa ba ta jira lafawar ba. Ta rufe shekarar a sama da 40,000, wato hawan kashi 50 cikin ɗari a kan inda ta fara. Mai sayarwa cikin firgici yana bukatar ya dace sau biyu, ranar fita da ranar komawa, kuma ta biyun ta fi wuya, domin farashi yakan fi araha ne daidai lokacin da labarai suka fi muni.

Sai dai ba zan yaudari mai karatu da cewa haƙuri kullum yana biya ba. Wanda ya saya a Maris 2008 ya riƙe, sai a Agusta 2023 ma'aunin ya sake taka inda ya shiga, bayan shekara goma sha biyar. Ribar da kamfanoni ke rabawa duk shekara ta rage masa zafi, amma a tsakanin nan dala ta tashi daga wajen naira 118 zuwa sama da 700. Wanda kuma ya tara komai a Afribank ko Bank PHB ko Spring Bank bai ga dawowa ba sam, domin an karɓe lasisinsu a Agusta 2011. Saboda haka akwai sayarwar da hankali ne, akwai wadda tsoro ne, kuma daga ciki duka iri ɗaya ake jin su.

Hanyar bambance su ita ce ka ajiye farashi gefe ka tambayi abin da ya canza. Shin kamfanin ya daina samun riba, ko ya kasa fitar da rahoton kuɗinsa a kan lokaci, ko bashi ya yi masa katutu, ko hukuma ta shiga lamarinsa? In haka ne, dalilin da ya sa ka saya ya mutu, kuma fita da asara ta fi zama. In kuwa kamfanin siminti yana nan yana sayar da siminti, na sadarwa yana sayar da kati, abin da ya faɗi kawai shi ne abin da jama'a ke son biya a wannan makon, to tsoron wasu ne ake so ka saya da kuɗinka. Tambaya ta biyu: da a ce kuɗi ne a hannunka yau, za ka sayi wannan abin a wannan farashin? In amsar e ce, me zai sa ka sayar?

Ba a fafe gora ranar tafiya

Babu wanda ilimi ya cire wa tsoro ko kwaɗayi. Manyan dillalai ma sun ƙone a 2008. Abin da ke aiki shi ne mutum ya yanke shawararsa ranar da hankalinsa ke kwance, ya kuma ɗaure kansa da ita yadda zai yi wuya ya warware ranar tashin hankali.

Na farko, kuma shi ne da ya ceci Kawu, shi ne raba kuɗi bisa ranar da za a buƙace shi. Kuɗin makarantar yara, na haya, na biki, na asibiti, da abin da zai riƙe gida wata uku zuwa shida in albashi ya tsaya, duk waɗannan ba su da hurumi a kasuwar hannun jari. Abin da ke shiga can shi ne kuɗin da ba za a neme shi ba sai bayan shekara biyar ko fiye. Da Kawu ya ware kuɗin bikin tun farko, da faɗuwar ta zame masa labarin rediyo mai ɓata rai, maimakon wuƙa a wuya. Yawancin abin da ake kira sayarwar firgici, in ka bincika, akwai wata buƙata ta gaske a ƙarƙashinsa.

Sai saye kaɗan-kaɗan a rana tsayayya, kamar zubin adashe. Bari mu bi misali. Wata ma'aikaciyar jinya ta yanke cewa duk ƙarshen wata za ta sa naira dubu talatin a wani asusun haɗaka. Watan farko farashin kowane kaso naira 20 ne, ta samu 1,500. Wata na biyu ya sauka zuwa 15, ta samu 2,000. Na uku ya faɗi zuwa 10, ta samu 3,000. Na huɗu 12, ta samu 2,500. Na biyar ya koma 20, ta samu 1,500. Ta kashe dubu ɗari da hamsin, tana da kaso 10,500, waɗanda yanzu suka kai dubu ɗari biyu da goma. Farashin bai wuce inda ya fara ba, amma tana da ribar dubu sittin, saboda kuɗinta ya fi sayen kaya da yawa a watannin araha. Maƙwabcinta da ya zuba dubu ɗari da hamsin gaba ɗaya a naira 20, ya firgita ya fita a naira 10, ya tashi da dubu saba'in da biyar, kuma sai kuɗin nan ya ninka kafin ya koma inda yake. Wannan dabara tana da iyaka. Idan abin da ake saye yana kan hanyar mutuwa ne, zubin wata-wata ƙarin asara ne kawai, shi ya sa ta fi dacewa da asusun da ya ƙunshi kamfanoni da yawa. Kuma in kasuwa ta yi ta hawa ba tsayawa, wanda ya zuba gaba ɗaya tun farko zai fi ta samu. Amfaninta na gaske shi ne ta ɗauke wa mutum tambayar "yanzu ne lokaci?" wadda a kanta ake yawan yin kuskure.

Bankuna uku da Kawu ya saya ya ɗauka rarrabawa ce, alhali ƙwai uku ne a kwando ɗaya, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa sauran. Rarrabawa ita ce haɗa abubuwan da ba sa faɗuwa tare: wani kaso a hannun jari na fannoni daban-daban, wani a takardun gwamnati, wani a fili ko dabba ko zinare. Mai guje wa kuɗin ruwa yana da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017, da asusun haɗaka masu bin ƙa'idojin shari'a. Sai mutum ya sa wa kowane ɓangare iyaka, a ce rabi a hannun jari, ya kuma duba sau ɗaya ko biyu a shekara. In hawa ya kai shi kashi 65, ya rage ya mayar rabi. In faɗuwa ta kai shi 35, ya ƙara. Ƙa'idar da kanta take sa shi sayarwa lokacin tsada da saye lokacin araha, abin da zuciya ba za ta taɓa yarda ta yi da kanta ba.

Ɗabi'ar da na fi amfana da ita kuwa ita ce mafi sauƙi. Ina da ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta. Kafin in sayi komai nakan rubuta kwanan wata, farashi, dalilina cikin layi uku, da abin da in ya faru zan sayar. Sannan ba na aiwatar da saye ko sayarwar da ba ta cikin tsari sai ta kwana uku, kuma sai na faɗa wa mutum ɗaya wanda ba ya jin nauyin ce mini a'a, wato yayata. A ƙarshen Maris 2020, muna kulle a gida, na kira ta da dare na ce zan fitar da komai. Ta ce, "Ɗauko littafin nan naka ka karanta mini abin da ka rubuta." Na karanta. Ta ce, "A cikin ukun nan wanne ya faru?" Babu ko ɗaya. Ta ce in kashe wayar in kwanta, mu yi magana ranar Juma'a. Ranar Juma'ar farashi ya ƙara sauka, tsoron ma yana nan, amma da na sake buɗe littafin dalilan ba su motsa ba, sai na bar kayan a inda suke, na kuma cire manhajar dillalin daga wayata har bayan sallah.